Taura biyu ba ta taunuwa: darasin da sakan goma sha biyar suka koya mini a Ƙofar Mata



Yau ina so mu taɓa wani aiki da yawancinmu muke rainawa, alhali shi ne yake fara kawo wa matashin marubuci ɗan kuɗin kati a Kano a yanzu. Ina nufin rubuta ɗan gajeren bidiyo, irin na sakan goma sha biyar ko ashirin, wanda ake sakawa a TikTok ko a sitatus na WhatsApp. Mai shago yana son talla, mai barkwanci yana son abin da zai ɗora, ƙungiya tana son faɗakarwa. Duk suna neman wanda zai tsara musu abin da za a ɗauka, kuma mu ne ake tunkara saboda an ji ana kiranmu marubuta.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ɗan gajeren bidiyo aiki ɗaya yake ɗauka. Idan ka cusa masa na biyu, ka kashe na farkon. Mu kuwa da muka taso da littafi, hannunmu ya saba da faɗin wuri. Muna ɗaukar labarin da ya dace da shafi goma mu matse shi, muna zaton gajarta labari ita ce a ba da shi da gudu. Na yi wannan kuskuren da kaina, kuma sai da ya ja wa wani asarar kuɗi kafin na gane.

Wani yayan abokina yana sayar da rinannun yadudduka. A marinar Ƙofar Mata ake yi masa rini, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Ya ce in tsara masa talla ta sakan goma sha biyar. Da yake ɗan cikin gari ne ni, na san aikin tun ina yaro, kuma wannan sanin ne ya ruɗe ni. Na san cewa mata ne suke ƙulla yadin a cikin gida da zare don zanen ya fito. Na san ana haɗa ruwan rinin da baba da toka da kanwa, a bar shi makonni ya ruɓa kafin ya kama. Na san ana tsomawa ana ɗagawa, a shanya, sannan a kai wa mabuga su buga shi har ya yi sheƙi. Sai na ga ai duk wannan abin alfahari ne, zunubi ne in bar ko ɗaya.

Ga abin da na rubuta, tare da lokacin da kowane abu ya ci da muka je ɗauka:

1. Hoton Ƙofar Mata daga nesa, sakan 2.
2. Mace tana ƙulla farin yadi a tsakar gida, sakan 3.
3. Yaro ya ɗauko yadin yana ratsa lungu, sakan 3.
4. Ya yi sallama, sun gaisa da marini, sakan 5.
5. Marini ya tsoma yadin, sakan 4.
6. Ya ɗago shi, launi yana sauyawa, sakan 5.
7. An shanya, sakan 2.
8. Mabuga suna bugu, sakan 3.
9. Amarya ta saka kayan, sunan shago ya fito, sakan 5.

Ku tara da kanku, sakan 32 ne. A takarda kuwa layi tara ne kacal, ko rabin shafi bai cika ba, shi ya sa ban ga matsalar ba. Takarda ba ta nuna lokaci. Ka rubuta “sun gaisa” da kalma biyu, amma a bakin Bakano gaisuwa ba ta ƙarewa da kalma biyu. Masu rubutun fim suna da wani kimantawa da suka daɗe suna amfani da shi, cewa shafi ɗaya yana daidai da kusan minti ɗaya a allo. A bisa wannan, sakan goma sha biyar rubu'in shafi ne, kuma wannan rubu'in ma sai an rubuta shi da tazarar da suke bari, ba irin jerin da na yi ba inda kowane layi fitowa ce mai zaman kanta.

Mai tace mana hoton ya yi abin da ya rage masa. Ya ninka gudun komai sau biyu, ya yanke kan kowace ɗauka da wutsiyarta har abin ya shiga sakan goma sha biyar. Kowane abu ya samu ƙasa da sakan biyu. Yaron yana tafiya kamar an kunna shi da batir, muryar marini ta koma ta ɗan tsako, amarya kuwa kafin ka gane launin kayanta an rufe ta da lambar waya.

Na kai wa mahaifiyata ta gani, ina jiran yabo. Ta kalla sau ɗaya ta miƙo mini wayar, ta ce, “Wannan tallar kayan biki ce ko ta yawon buɗe ido?” Na ce, “Umma, ta yadi ce.” Ta ce, “To ina yadin?” Matar da ta yi shekaru tana sayen rinannen zane ba ta ga yadin ba. Mai shagon ya riga ya biya mai kyamara, ya sallami yarinyar da ta fito a amarya, ya biya kwalliyarta, ya ciyar da mu wuni guda. Bai yi mini faɗa ba, sai cewa ya yi, “Ƙanina, ka nuna komai, ka manta da abin da nake sayarwa.” Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne idon mai kallo. Duk lokacin da aka sauya wuri ko aka kawo sabuwar fuska, mai kallo yana buƙatar ɗan lokaci ya gane inda yake, ya gane wane ne wannan, sannan ya fara bin abin da ake yi. A gwajin da na riƙa yi da mutanen gidanmu daga baya, wannan ganewar tana cin kusan sakan ɗaya, wani lokaci fiye, musamman a ƙaramin allon waya. Idan ɗaukar gaba ɗaya sakan ɗaya da rabi ce, to kafin ya gama gane wurin an ɗauke shi an kai shi wani. Tallata tana da wurare bakwai da fuskoki biyar. Rabin lokacin ya tafi wajen tambayar “ina ne nan?”, babu abin da ya rage na jin daɗi ko na sha'awar saye.

Don haka nake ganin kowane sabon wuri da kowace sabuwar fuska kamar kuɗin shiga ne da ake cira daga sakan ɗinka. A fim mai awa biyu ba ka jin zafin biya. A Labarina ko Daɗin Kowa ana iya ɗaukar minti guda ana nuna mutum ya fito daga mota ya shiga gida ya zauna, saboda mai kallo ya riga ya shirya zama. Wanda yake riƙe da waya a bayan adaidaita sahu tsakanin Mandawari da Gwale bai yi maka wannan alƙawarin ba, kuma babban yatsansa yana kan allon.

Bayan mako biyu na koma marinar ni kaɗai, ba kyamara, na zauna kusa da wani dattijo yana aiki. Tambayar da na yi wa kaina ita ce, a duk wannan sana'a, wane lokaci ne abu yake sauyawa a gaban ido? Amsar tana gabana tun ina yaro. Idan aka ɗago farin yadi daga ramin, ba shuɗi yake fitowa ba. Yana fitowa da wani launi kore-kore, sai iska ta taɓa shi sannan ya fara rikiɗa yana komawa shuɗi. Dalili shi ne, a cikin ruwan da ya ruɓa sinadarin baba yana narkewa ne a wata siffa marar shuɗi, wadda take iya shiga zaren auduga, sai ya haɗu da iskar oksijin ya koma shuɗin da ba ya narkewa, ya maƙale a cikin zaren. Shi ya sa marini ba ya jefa yadi ya tafi. Tsomawa yake yana ɗagawa, kuma gwargwadon yawan maimaitawar, gwargwadon duhun launin.

Wannan shi ne aikin ɗaya da nake nema. Yana da farko, yana da tsakiya, yana da ƙarshe, kuma wanda bai taɓa zuwa Kano ba zai gane shi ba tare da an yi masa bayani ba. Na sake tsara tallar haka.

Sakan uku na farko, hannaye biyu suna nutsar da farin yadi mai ƙulle-ƙulle cikin baƙin ruwa. Babu ƙofa, babu lungu, babu sallama. Bakin ramin da hannun marini sun isa su gaya wa ɗan Kano inda yake, wanda ba ɗan Kano ba kuma bai rasa komai ba.

Daga sakan uku zuwa goma, an ɗago yadin an ɗora shi a bakin ramin, kyamara ba ta motsi, launin yana tashi daga kore zuwa shuɗi. Wannan ya ci kusan rabin lokacin, kuma da gangan na ba shi. A nan akwai wata gaskiya da ya kamata in faɗa. Rikiɗar launin tana farawa nan take, amma ba ta kammaluwa cikin sakan bakwai. Mun ɗauki kusan minti guda, mai tacewa ya hanzarta wannan ɗaukar kaɗai. Ya yi kyau saboda babu fuska a ciki, babu tafiya, babu magana. Ido ya san gudun tafiyar mutum da motsin leɓensa, da an ƙara musu sauri zai ji abin ya zama wasa. Amma ido bai san gudun da ya kamata launi ya sauya da shi ba, don haka yana karɓar duk yadda ka ba shi. Daga ranar na riƙe wannan, ana iya hanzarta launi, ko inuwa, ko tafasar ruwa, amma ba a hanzarta mutum sai in dariya ake nema.

Daga sakan goma zuwa sha uku, hannu biyu sun warware busasshen yadin, farin zanen da ƙullin ya tsare ya bayyana a tsakiyar shuɗin. Tsakanin wannan da wanda ya gabace shi akwai awoyi na tsomawa da shanya da kwance zare, duk na tsallake su da yanka ɗaya. Ba wanda ya tambaya, saboda yadin dai shi ne, ido yana biye da shi.

Sakan biyu na ƙarshe, yadin yana nan a buɗe, sunan shagon ya hau kansa. Lambar waya muka mayar da ita rubutun da ke ƙasan bidiyon, domin babu mai haddace lamba goma sha ɗaya cikin sakan biyu.

Wuri ɗaya, abu ɗaya da ido yake bi, yanka biyu. Na sake kai wa Umma. Ta kalla, ta ce, “Sake mini.” Da ta gama na biyu ta ce, “Nawa yake sayar da turmi?” Ban buƙaci wani alƙalin ba.

Ku lura da abin da na zubar: matar da ta yi ƙulli, yaron, mabuga, amarya. Ban zubar da su don ba su da kyau ba. Bugu ma shi kaɗai talla ce guda, da sautin sandunan nan da suke sauka bi da bi kamar kiɗa. Daga baya mun yi masa nasa sakan goma sha biyar ɗin. Abin da na ɗauka labari ɗaya ne ashe bidiyo huɗu ne suke zaune a kan juna. Idan ka ga rubutunka ya ƙi shiga lokacin da aka ba ka, kafin ka fara matsa shi ka duba ko tagwaye ne ka ɗaure a zane ɗaya.

To wannan talla ce, babu magana a ciki. Yaya idan akwai zance? A nan ne mu marubutan Hausa muke da wata matsala tamu ta musamman, wato gaisuwa. Tarbiyyarmu ba ta barin mu haɗa mutum biyu a takarda ba tare da sun gaisa ba. Ku gwada da agogon waya: sallama, amsawa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa. Ko da sauri aka yi, sakan takwas zuwa goma sun tafi, kuma ba a ce komai ba tukuna. Maganin ba wai a nuna mutanen da ba su da ladabi ba ne. A shiga fitowar bayan an gama gaisawa, ko kuma a zaɓi lokacin da rashin gaisuwar kansa yake da ma'ana.

Bari in kawo misalin wani ɗan barkwanci da na rubuta wa abokaina kafin Ƙaramar Sallah. Labarin wani ne da ya karɓi ɗinkinsa bai biya tela ba. A tsohon halina da na fara daga ranar da ya kai shadda, in nuna cinikin, in nuna daren sallah da shagon ya cika, in nuna ya karɓa ya ce zai aiko, in nuna tela yana kira ba a ɗagawa, sannan su haɗu. Fitowa shida ke nan. A wannan karon na tambayi kaina, a ina ne abin yake fashewa? A haɗuwar. Sai na fara daga nan.

Mutum yana tafe a wani siririn lungu irin na Yakasai, cikin sabuwar babbar riga, yana ta naɗe hannunta a kafaɗa, sakan uku. Ya sha kwana ya yi kiciɓis da wani mai tef ɗin awo rataye a wuya, murmushinsa ya mutu, sakan biyu. Mai tef ya dubi rigar daga sama har ƙasa ya ce, “Alhaji, rigar ta zauna.” Sakan biyu. Alhaji ya haɗiyi yawu ya ce, “Wallahi ta zauna.” Sakan biyu. Tela ya ce, “To ni ma yau a ƙofar gidanka zan zauna.” Sakan huɗu, har da ɗan shirun da ya yi kafin ya faɗa. Sauran sakan biyu kyamara ta tsaya a fuskar Alhaji.

Kalmomi goma sha shida ne duka. Ba a ambaci bashi ba, ba a ambaci ɗinki ba. Tef ɗin ya gaya maka sana'ar mutumin, sabuwar rigar ta gaya maka lokacin, mutuwar murmushin ta gaya maka akwai magana a ƙasa. Lungun ma yana aiki, domin duk wanda ya san cikin gari ya san babu wurin kaucewa a irin wannan lungu. Fitowa biyar da na yanke suna nan, amma a cikin kan mai kallo, tun da babu gidan da ba a taɓa yin rigimar tela da sallah ba. Abin da jama'a suka riga suka sani kyauta ne gare ka, kada ka kashe sakan ɗinka kana sake sanar da su.

Game da yawan kalmomi, ni abin da na samu a bakina shi ne ina furta kalma biyu zuwa uku a sakan ɗaya idan ina magana irin ta hira. Naku yana iya bambanta, kowa ya auna nasa. Da wannan lissafin, sakan goma sha biyar za su iya ɗaukar kalma talatin da wani abu idan aka cika su maƙil da surutu. Amma idan ka cika su, ina za a yi kallon-kallo, ina za a haɗiyi yawu? Ni dokar da na sa wa kaina ita ce kada magana ta wuce rabin lokacin da yawa. Kuma rubutun da ake ɗorawa a kan allo shi ma magana ce. Mai karanta shi ba ya kallon fuska a wannan lokacin, don haka a ƙirga shi cikin kalmomin.

Sakan biyun ƙarshen nan su ne aka fi saurin yankewa idan lokaci ya ƙure, kuma su ne bai kamata a taɓa ba. Ku tuna da marigayi Rabilu Musa Ibro. Sau da yawa ba maganar ce take kashe mutane da dariya ba, zare idon da yake biyo bayanta ne. Idan ka rufe bidiyo a kan harafin ƙarshe na maganar, ka hana mai kallo wurin da zai yi dariyar. Idan dole sai an rage wani abu, a rage daga farko. Kusan kullum ana iya shiga fitowa a makare fiye da yadda marubuci yake zato.

Na san wasu za su ce, ai yanzu saurin yanka ake yayi, ka duba bidiyon da suke tashe, kowane sakan an sauya hoto. Gaskiya ne ana yin haka, amma ku duba da kyau. Yawan yanka daban, yawan aukuwa daban. Mai nuna yadda ake haɗa shayi yana iya yanka sau goma, ludayi, gwangwanin madara, zubawa daga sama, kumfa, amma duk shayi ɗaya ake haɗawa a tebur ɗaya, ido bai taɓa ɓata ba. Haka wanda ya ɗauki jafi a Hawan Daushe zai iya nuna kofato, ya nuna rawani, ya nuna ƙura, duk a cikin sukuwa ɗaya zuwa gaban Sarki. Wanda ya ce zai haɗa Hawan Sallah da Daushe da Nassarawa da Fanisau a sakan goma sha biyar, dawakai kawai za a gani suna wucewa, ba wanda zai san wace rana ce wace.

Wasu kuma za su ce wannan ƙasƙantar da adabi ne, marubuci bai kamata ya koma ƙirga sakan kamar mai sayar da kati ba. Wannan ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na cewa komai zai shiga ɗan gajeren bidiyo. Labarin da ƙarfinsa yake cikin sauyin zuciyar mutum a hankali, kamar yadda kishiya take komawa aminiya cikin shekaru, ba zai shiga ba. Idan aka kawo maka irinsa, ka faɗi gaskiya cewa yana buƙatar minti biyar ko jerin kashi-kashi, ko ka mayar da shi gajeren labari. Ƙin karɓar aikin ya fi ka karɓa ka lalata. Amma ƙunci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Karin magana labari ne da aka rage wa komai sai motsi ɗaya. Wanda ya fara cewa a bar kaza cikin gashinta bai ba mu tarihin kazar ba, hoto guda ya ajiye mana ya tafi.

Fim ɗin kansa ma da haka ya fara. A shekarar 1895, 'yan uwan nan biyu na Faransa, Auguste da Louis Lumière, sun nuna finafinan da kowanne bai kai minti ɗaya ba, saboda iyakar tsawon faifan da na'urarsu take ɗauka ke nan. A cikinsu akwai na wani mai ban ruwa a lambu. Yaro ya taka masa tiyo ruwa ya tsaya, ya leƙa bakin tiyon don ya ga abin da ya faru, yaron ya ɗage ƙafa ruwa ya fesar masa a fuska, ya bi shi ya kamo. Wuri ɗaya, mutum biyu, tiyo ɗaya, kuma har yau ana kallonsa ana ganewa ba tare da fassara ba. Bayan fiye da shekara ɗari, a 2013, aka fito da manhajar Vine wadda bidiyonta sakan shida ne kawai, kuma waɗanda suka yi suna a cikinta da wannan dabarar suka yi, abu ɗaya ya taso ya juye. Na'urori sun sauya, idon ɗan Adam yana nan yadda yake.

Yanzu kafin in miƙa wa kowa rubutu, ina yi masa gwaji uku, kuma ba sa cin ko sisi. Na farko, in faɗi abin da ya faru da jimla ɗaya. Idan na ji bakina yana jero “sai” fiye da biyu, sai ya je, sai ya gani, sai ya dawo, sai aka ce, to na san na ɗebo da yawa. Na biyu, in tashi tsaye in kunna agogon waya in aikata abin da jikina, in yi tafiyar, in juya, in faɗi maganar da ƙarfi, in yi shirun. Karantawa a zuci ƙarya take yi, kullum tana nuna maka abin ya fi gajarta. Idan na samu sakan goma sha biyar cif a ɗaki, na san a wurin ɗauka zai haura, don haka nakan nemi in tsaya a sha biyu ko sha uku. Na uku, idan an gama, in nuna wa wanda bai san labarin ba sau ɗaya tak, ba bayani, in tambaye shi me ya gani. Idan ya ce a sake masa don bai gane ba, akwai gyara. Idan ya ce a sake masa bayan ya riga ya faɗa mini abin da ya faru, to an dace.

Amfanin wannan horon bai tsaya a bidiyo ba. Tun da na fara ƙirga sakan, gajerun labaraina suka sauya. Duk wanda ya taɓa karanta wa abokai labaran da za su aika gasa irin Hikayata ya san ciwon da ya fi yawa, a ɗauko rayuwar mace tun daga haihuwa har zawarci a tura ta cikin 'yan shafuka, kowane sakin layi shekara uku. Cutar ɗaya ce da ta tallata ta farko. Marubucin yana tsoron kada a ce bai san sauran labarin ba, sai ya zazzage duka.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. Ka je wani wuri a unguwarku, bakin Kasuwar Kurmi ne, ko wurin mai ƙosai, ko gindin Dala da yamma, ka zauna rabin awa ba tare da ka ɗauki hoto ba. Ka nemo abu ɗaya da yake sauyawa a gaban ido. Ka rubuta shi a matsayin bidiyon sakan goma sha biyar, wuri ɗaya, mutum bai wuce biyu ba, magana ba ta wuce kalma ashirin ba, ka sa adadin sakan a gaban kowane motsi. A ƙasa kuma ka lissafa abubuwan da ka so sakawa ka haƙura. Wannan jerin na biyu nake son gani fiye da na farkon, domin a nan ake gane wanda ya yi zaɓi.

Wanda yake ganin na yi kuskure, ko yake da bidiyon da ya cusa aukuwa biyar kuma ya yi kyau, ya kawo mu auna shi tare da agogo. Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.